Karanta zane kafin ka taɓa kalkuleta: fashin baƙi kan alwatika mai kusurwa 90, kallon sama da biyarin

A jarrabawar lissafi ta WAEC da NECO, tambayar tirigonometiri kan zo da zane a gefenta: hasumiya da mutum tsaye nesa da ita, ko garuruwa uku da aka haɗa da layuka, kowane da ɗan kibiya mai nuna arewa. Ɗalibai da yawa sun haddace sin, cos da tan, sun kuma iya danna kalkuleta, amma duk da haka makin ya zube. Idan aka bi takardar amsarsu layi bayan layi, za a tarar da cewa lissafin kansa daidai yake. Tun a zanen abin ya lalace, domin an ɗora kusurwa a inda ba nan take ba, ko an yi wa alwatikar da ba ta da kusurwa 90 aiki kamar tana da ita. Saboda haka wannan bayani zai tsaya ne kan karatun zanen.

Da farko, zanen da aka buga a takarda ba abin aunawa ba ne. Sau da yawa akan rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba a zana shi bisa ma'auni ba, kuma ko ba a rubuta ba, haka ya kamata a ɗauke shi. Kusurwar da aka rubuta mata 35° tana iya zama 50° idan ka ɗora mata furotakta. Gefen da ya fi tsawo a ido yana iya zama gajere a lissafi. Abin da ake karɓa daga zane shi ne lambobin da aka rubuta, da ɗan akwatin nan da ke nuna kusurwa 90, da kibiyar arewa, da kuma yadda wurare suke jere: wane ne a tsakiya, wane ne a sama. Kusurwar da ta yi kama da 90 amma ba ta da akwatin, kuma tambayar ba ta ba da dalilin zamanta 90 ba, kada a ɗauka haka take. Dalilin yakan ɓuya a cikin kalmomin tambayar. Idan aka ce sanda ko bango yana tsaye a miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, to an riga an ba ka 90 a gindinsa.

Sunayen gefuna suna bin kusurwa

Alwatika mai kusurwa 90 tana da gefe ɗaya wanda sunansa ba ya canzawa, wato dogon gefe, wanda ke fuskantar kusurwa 90 ɗin. Shi ne ake kira haifotanus. Sauran biyun sunansu ya dogara da kusurwar da kake aiki da ita. Wanda ke can gaba da kusurwar, bai taɓa ta ba, shi ne mai fuskanta. Wanda ya taɓa ta, kuma ba shi ne dogon gefe ba, shi ne maƙwabci. Daga nan ƙa'idojin uku suka fito:

sin θ = mai fuskanta ÷ dogon gefe
cos θ = maƙwabci ÷ dogon gefe
tan θ = mai fuskanta ÷ maƙwabci

Matsalar da aka fi gani ita ce ɗalibi ya saba da alwatikar da ke zaune daram, 90 a ƙasa ta dama, kusurwar aiki a ƙasa ta hagu, har ya ɗauka cewa duk gefen da ke tsaye shi ne mai fuskanta, na kwance kuma maƙwabci. Masu shirya tambaya sun san da wannan, don haka sai su juya zanen ko su ba da kusurwar sama. Da zarar kusurwar aiki ta koma sama, gefen kwance ya zama mai fuskanta, na tsaye ya zama maƙwabci. Maganin shi ne ka ɗora yatsa a kan kusurwar da aka ba ka, ka sa wa gefunan suna daga nan, sannan ka duba wane gefe aka ba ka tsawonsa da wanda ake nema. Waɗannan gefuna biyu su ke zaɓar ƙa'idar, ba son ranka ba.

Kallon sama

Kusurwar kallon sama ana auna ta ne daga layin kwance da ya fita daga idon mai kallo, zuwa layin da ya tashi daga idon ya kai ga abin da ake kallo. Daga layin kwance, ba daga ƙasar da mutum ya taka ba, ba kuma daga jikin ginin ba.

Ɗauki wannan misali. Mutum yana tsaye mita 40 daga gindin dogon ƙarfen sadarwa, idonsa yana mita 1.6 daga ƙasa, kuma kusurwar kallonsa zuwa ƙololuwar ƙarfen 35° ce. Ana neman tsayin ƙarfen. A zanen, alwatikar ba ta sauka har ƙasa ba. Ta fara ne daga idon mutumin, layin kwance ya miƙa ya sami jikin ƙarfen a tsayin mita 1.6, a nan 90 ɗin take. Mita 40 ya taɓa kusurwar 35°, don haka maƙwabci ne. Ɓangaren ƙarfen da ke sama da layin ido shi ne mai fuskanta. Ba a ba da dogon gefe ba, ba a kuma neme shi ba, saboda haka tan ce:

tan 35° = h ÷ 40
h = 40 × 0.7002 = 28.0

Wannan mita 28.0 ba shi ne tsayin ƙarfen ba tukuna. Sai an ƙara abin da ya rage daga layin ido zuwa ƙasa, wato 28.0 + 1.6, ya zama mita 29.6. Wanda ya tsaya a 28.0 ya yi aikin da ya fi wuya ya bar mai sauƙi. Idan kuwa tambayar ta ce daga wani wuri a ƙasa aka auna, ba ta ambaci tsayin mai kallo ba, to babu abin ƙarawa, kada ka ƙirƙiro wa mutumin tsayi.

Akwai hanyar gane ko amsar ta shiga hankali ba tare da sake lissafi ba. A 45°, tsayi da nisa daidai suke, domin tan 45° = 1. Duk kusurwar da ba ta kai 45° ba, tsayin zai gaza nisan, wadda ta wuce kuma tsayin zai fi nisan. A nan 35° ce, kuma 28 bai kai 40 ba, don haka an yi daidai ta wannan fuskar. Wanda ya raba maimakon ya ninka zai sami 57.1, kuma wannan gwajin zai kama shi nan take. Sai dai gwajin yana da iyaka. Wanda ya yi amfani da sin bisa kuskure zai sami 40 × 0.5736, wato 22.9, lambar da ita ma ba ta kai 40 ba, don haka za ta wuce ba a gane ba. Abin da ke hana wannan kuskuren shi ne sa wa gefuna suna tun farko: mita 40 a ƙasa yake kwance, ba shi ne layin kallo ba.

Kallon ƙasa, inda aka fi faɗawa

Kusurwar kallon ƙasa ita ma daga layin kwance ake auna ta, kuma nan ne zanen ke ruɗin mutane, domin layin kwancen yana can sama a cikin iska, a wajen alwatikar. A ce mutum yana kan bene mai tsayin mita 24, ya hango mota a ƙasa da kusurwar 28°, ana neman nisan motar daga gindin benen. Hannu yakan yi saurin rubuta 28° a kusurwar sama ta cikin alwatika, tsakanin bango da layin kallo. Ba nan take ba. Tana tsakanin layin kallo da layin kwancen da ya fita daga saman benen. Wadda ke cikin alwatikar a sama ita ce abin da ya rage, 90° − 28°, wato 62°.

Hanya mafi tsafta ita ce a saukar da 28° ɗin zuwa wurin motar. Layin kwancen sama da shimfiɗar ƙasa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba sa haɗuwa, layin kallo kuma ya ratsa su ya yi siffar harafin Z. Kusurwoyi biyun da ke cikin lungunan Z daidai suke. Ma'ana, da wani zai tsaya a wurin motar ya ɗaga kai ya dubi mai benen, shi ma da 28° zai gan shi. Yanzu bango mai mita 24 shi ne mai fuskanta, nisan da ake nema maƙwabci:

tan 28° = 24 ÷ d
d = 24 ÷ 0.5317 = 45.1

A lura cewa abin da ake nema yana ƙasan rabon, shi ya sa aka raba. Wanda ya fi son ninkawa sai ya yi aiki da 62°: 24 × 1.8807 ya ba da mita 45.1 ɗin dai. Wanda kuwa ya sa 28° a jikin bango zai sami 24 × 0.5317, wato mita 12.8. Tunani kaɗan zai nuna ba haka ba ne. Mota mai nisan mita 13 kacal daga gindin bene mai mita 24 sai an sunkuya sosai ake ganinta, alhali 28° ɗan saukar da ido ne kawai.

Alwatika biyu a zane ɗaya

Tambayar da ta fi ɗaukar maki a wannan ɓangare ita ce mai kusurwa biyu. Wurare biyu, A da B, suna kan layi ɗaya da gindin hasumiya, a ɓangare ɗaya, tsakaninsu mita 30. Daga A, wanda ya fi nisa, kusurwar kallon ƙololuwa 32° ce. Daga B kuma 50°. Ana neman tsayin hasumiyar.

Kira gindin G, ƙololuwar T. Zanen yana ɗauke da alwatika uku, amma biyu ne kaɗai masu kusurwa 90, wato AGT da BGT, dukansu 90 ɗinsu a G take. Ta ukun, ABT, ita ce ido ke fara kamawa saboda ita ke ɗauke da mita 30, kuma ba ta da 90 ko ɗaya. Duk wanda ya rubuta 30 × tan 32° ya sami 18.7 ya yi amfani da ƙa'idar a inda ba ta aiki. Maƙwabcin 32° ba AB ba ne, AG ne gaba ɗaya, daga A har gindin hasumiya.

Tun da ba a san BG ba, sai a kira shi x. Tsayin h ɗaya ne a alwatika biyun, shi ne gadar da ta haɗa su:

h = x × tan 50° = 1.1918x
h = (x + 30) × tan 32° = 0.6249x + 18.747

Daidaita su ya ba da 0.5669x = 18.747, don haka x = 33.07, sannan h = 1.1918 × 33.07, wato mita 39.4. Don tabbatarwa, a koma babbar alwatikar: 63.07 × 0.6249 shi ma 39.4 ne.

Wannan misalin yana nuna illar saurin taƙaita lambobi. Da za a mai da tan 50° ta zama 1.2, tan 32° kuma 0.6, sai x ya fito 30, h ya fito 36, an yi asarar fiye da mita 3. Dalili shi ne ana ɗebe lamba daga wata lamba sannan a raba da ɗan abin da ya rage, don haka ƙaramin kuskure yake girma. A riƙe lambobi huɗu bayan ɗigo, kamar yadda teburin lissafi na makaranta ya ba da su, har sai an kai layin ƙarshe, sannan a taƙaita yadda tambayar ta nema. Ya kamata kuma a duba inda A da B suke. Idan hasumiyar tana tsakaninsu ne, to nisan biyu haɗuwa suke yi su ba da jimillar, sai a rubuta x da 30 − x, ba x + 30 ba.

Biyarin

Biyarin kusurwa ce da ake aunawa daga arewa, ana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, kuma ana rubuta ta da lambobi uku. Gabas 090°, kudu 180°, yamma 270°. Mai sallah a Kano, alal misali, yana fuskantar kusan 068°, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Akwai wata hanyar rubutun da ake farawa daga arewa ko kudu a karkata gabas ko yamma. N40°E daidai yake da 040°, amma S50°E ba 050° ba ne, 180° − 50° ne, wato 130°.

Bambancin biyarin da kallon sama shi ne, zanen biyarin daga sama ake kallonsa, kamar taswira. Babu tsayi a cikinsa. Layin da ke tsaye a takarda arewa yake nunawa, kuma daga shi ake aunawa, ba daga layin kwance ba. Wanda ya fito daga tambayar hasumiya hannunsa yakan ci gaba da aunawa daga kwance, sai 040° ta koma 050° ba tare da ya lura ba.

Abu na biyu shi ne wurin tsayuwa. Idan aka ce biyarin Q daga P, to a P za ka tsaya, a nan za ka ja layin arewa, ka juya har ka fuskanci Q. Biyarin komowa kuma, wato na P daga Q, ya bambanta da shi da 180°: a ƙara idan na farkon bai kai 180° ba, a ɗebe idan ya wuce.

Ga cikakken misali. Mota ta tashi daga P ta yi kilomita 12 a kan 040° ta isa Q, sannan ta yi kilomita 9 a kan 130° ta isa R. Ana neman nisan PR da biyarin R daga P. A zanen da aka buga, sau da yawa ba a sa akwatin 90 a ko'ina, kai za ka nemo shi. Ja layin arewa a Q, ko da zanen bai sa ba. Daga Q, hanyar komawa P ita ce 040° + 180°, wato 220°. Hanyar zuwa R kuma 130°. Duka biyun daga arewar Q aka auna su, don haka kusurwar da ke tsakaninsu ita ce 220° − 130°, wato 90° cif. A rubuta wannan layin a takardar amsa, domin shi ne hujjar duk abin da zai biyo baya, kuma rubuta 90 ba tare da dalili ba zato ne kawai.

Tun da 90 tana Q, PR ne dogon gefe, sai ƙa'idar Fitagoras:

PR = √(12² + 9²) = √225 = 15

Nisan kilomita 15 ne. Don biyarin, a tsaya a P. A cikin alwatikar, kusurwar da ke P tana fuskantar QR mai kilomita 9, maƙwabcinta kuma PQ mai kilomita 12. Saboda haka tan θ = 9 ÷ 12 = 0.75, θ kuma 36.9°. A nan mutane da yawa suke ajiye alƙalami su rubuta 037°. Wannan kusurwar daga layin PQ aka auna ta, ba daga arewa ba. PQ kansa ya riga ya karkata 40° daga arewa, kuma R yana hannun damansa, ta wajen gabas, don haka haɗawa za a yi: 40° + 36.9° = 76.9°, a rubuta 077°. Idan an nemi na P daga R, 257° ne.

Haɗawar ba doka ba ce, zanen ne ya hukunta. Da motar ta juya hagu a Q ta bi 310°, kusurwar Q za ta kasance 90° har yanzu, domin 310° − 220° = 90°, nisan ma kilomita 15 ne, amma R zai faɗa tsakanin PQ da arewa, sai a ɗebe: 40° − 36.9°, kusan 003°.

Akwai hanya ta biyu da ta cancanci a koya, domin tana tabbatar da amsa kuma tana aiki ko babu 90 a Q. A fasa kowace tafiya gida biyu, nawa aka yi gabas, nawa aka yi arewa ko kudu. Kowace tafiya ita ce dogon gefen wata ƙaramar alwatika da layin arewa ya samar. Tafiyar farko ta yi gabas 12 × sin 40° = 7.71, arewa 12 × cos 40° = 9.19. Ta biyu, wadda ke 50° daga kudu, ta yi gabas 9 × sin 50° = 6.89, kudu 9 × cos 50° = 5.79. Jimillar gabas 14.60, arewa kuma 9.19 − 5.79, wato 3.40. Fitagoras a kan waɗannan ya dawo da kusan 15, kuma tan θ = 14.60 ÷ 3.40 ya ba da kusan 77° kai tsaye daga arewa. A lura cewa a nan sin ke ba da gabas, cos ke ba da arewa, saboda kusurwar jingine take da layin arewa.

Idan tafiya ta biyu ta kasance a kan 150°, kusurwar Q za ta zama 220° − 150°, wato 70°. Alwatika PQR ta daina zama mai kusurwa 90, Fitagoras ba zai yi aiki a kanta ba, haka ma ƙa'idojin ukun na sama. Sai dai a koma ƙa'idar kosin, ko a bi hanyar fasawar nan.

Saura kalkuletar kanta. Tana iya karanta kusurwa ta hanyoyi uku, kuma wadda ake buƙata a nan ita ce digiri, mai alamar D ko DEG a saman gilashinta. Idan ta koma R ko RAD, tan 35 zai fito 0.4738 maimakon 0.7002, ƙarfen sadarwar nan ya zama kusan mita 19 kafin a ƙara tsayin ido, lambar da ba za ta ba kowa mamaki ba balle a yi zargi. Kafin fara aiki a danna sin 30. Idan ta ba da 0.5, tana kan digiri. Idan ta ba da −0.988 tana kan RAD, idan 0.454 kuma tana kan GRA, sai a gyara ta kafin a shiga tambayar farko.